Yadda Za Ka Rubuta Gajeren Labarin Malamin Ƙauye Mai Kwafar Littafi da Dare

Akwai labarin da marubuta da yawa ke sha'awar rubutawa: malami a ƙauye, ba shi da littafin da zai karantar da almajiransa, sai ya ari na wani ya zauna dare da dare yana kwafa da hannu har ya gama. Labari ne mai shiga rai, amma sau tari idan aka rubuta shi sai ya fito tamkar wa'azi. A ce malam mai haƙuri ne, a ce ya sha wahala, a ce Allah ya saka masa da alheri, shi ke nan. Mai karatu ya gama bai ga alƙalami ba, bai ji ƙanshin tawada ba, bai taɓa jin tsoron kada aikin ya lalace ba. Ni a ganina ƙarfin wannan labari yana cikin aikin kwafar kansa. Idan ka san yadda ake yi, da inda yake ɓaci, labarin zai miƙe ba sai ka yabi kowa ba. Bari mu gina guda ɗaya tare, tun daga tushe.

Fara da dalilin da ya sa dole sai da hannu

Tambayar farko da mai karatu na yau zai yi ita ce, me ya hana malam ya je kasuwa ya sayo bugagge? Idan ba ka amsa ta ba, wahalar malam za ta zama ta ganin dama. Saboda haka zamanin da ka sa labarin shi ne matakin farko. Kamfanin Gaskiya na Zariya an kafa shi a 1945, kuma daga shekarun 1950 zuwa 1960 littattafan zaure da aka ɗauki hoton rubutun hannu aka buga suka fara cika kasuwanni irin Kurmi ta Kano. Daga baya injin hoton takarda ya zo ya ƙarasa sauƙaƙa abin. Idan ka sa labarinka a 1990, sai ka nemo dalili mai ƙarfi, misali littafin na wani malamin yankin ne da ba a taɓa bugawa ba, kuma mai shi ya hana a fita da shi daga zaure.

Mu a namu za mu koma shekarun 1930, wani ƙauye a arewacin ƙasar Katsina, nesa da hanyar jirgin ƙasa. An gama kaka, 'yan kuɗin da aka samu na gyaɗa sun tafi haraji. Kuɗin lokacin fam ne da sule da sisi da kwabo, kada naira ta kuskure ta shigo, don ita sai 1973 ta zo. Malam yana da manyan almajirai biyar da suka sauke Alƙur'ani suna son shiga littafi. Nasa kwafin gara ta cinye a daminar da ta wuce. Ka ga an sami buƙata, kuma ba a ce komai ba game da halin malam tukuna.

Zaɓi littafin da zai ƙare cikin labari ɗaya

Zuciya takan ja marubuci ya ce Alƙur'ani malam yake rubutawa. Ka yi hattara. Izu sittin ne, kowane izu tumuni takwas, aikin watanni ne masu yawa, kuma a al'adarmu alaramma daga ka yake rubuta shi, sannan a kai wa mai wasali da mai zayyana. Wannan wani labari ne daban, ya fi ƙarfin gajeren labari mai kalma 1,500.

Abin da ya dace da mu ƙaramin littafin fiƙihu ne na masu farawa. Ahalari ya yi daidai. Shehu Abdurrahman al-Akhdari, malamin ƙasar Aljeriya na ƙarni na 16, shi ya wallafa shi a kan mazhabar Malikiyya, kuma kusan duk wanda ya zauna a zaure a ƙasar Hausa ya bi ta kansa kafin Iziyya da Risala. Ya fara da gyaran imani, ya shiga tsarki da salla, ya rufe da babin rafkanuwa, wato ƙabli da ba'adi. Riƙe wannan babi na ƙarshe a ranka, can ne labarinmu zai yi zafi.

Sa wa'adi, sannan ka yi lissafi

Dare da yawa ba labari ba ne sai an ƙirga su kuma suna ƙarewa. Mai littafin baƙon malami ne, mai niyyar hajji ta ƙasa, irin waɗanda kan bi ta Barno su ratsa Cadi da Sudan har bakin Bahar Maliya. Ya sauka a ƙauyen yana jiran abokan tafiya, kuma za su tashi bayan Juma'a uku. Ya ba da aron littafin dare ashirin da ɗaya. Da rana malam yana da makaranta, da sussuka, da masu zuwa gaisuwa da neman addu'a, don haka dare kaɗai ya rage masa.

Yanzu ɗauki takarda ka yi lissafin da malam zai yi. Littattafan karantarwa ana buɗa layukansu sosai don a sami wurin rubuta fassarar kalmomi da ajami a tsakani, shi ya sa shafi ɗaya ba ya ɗaukar layi da yawa. Mu ce kwafin baƙon warƙa sittin ne, shafi 120 ke nan, layi bakwai a kowane shafi. Idan malam yana iya shafi shida daga bayan lisha zuwa tsakar dare, da baƙi da ja, dare ashirin zai ci. Saura dare ɗaya tak na dubawa. Wannan adadi naka ne na marubuci, kana iya canza shi, amma da zarar ka tsayar da shi ka riƙe shi gam, domin duk abin da zai faru daga baya da shi za a auna. Ba sai ka zuba wa mai karatu lissafin duka ba. Ya isa malam ya ƙirga warƙoƙin da yatsa a daren farko, ya ƙirga kwanaki, ya yi shiru.

San kayan aikin kamar ka taɓa riƙe su

A nan ne ya kamata ka ɓata lokaci, domin daga nan za ka sami duk abin da mai karatu zai gani da ido.

Tawada iri biyu ce, kuma haɗa su shi ne kuskuren da ɗan tsangaya zai fara kamawa. Ta allo ita ce zuge, gawayi ne da ƙaro, an yi ta don a wanke. Ta takarda kuwa so ake ta zauna har jikoki. Ana daka bagaruwa a jiƙa ko a dafa, a sa kashin maƙera a ciki, a bar shi ya kwana biyu ya yi baƙi, a tace, a zuba ƙaro daidai gwargwado, sannan a ɗura a kurtu. Kowane kuskure a haɗin yana da alamarsa a takarda. Idan ƙaro ya yi kaɗan, harafi sai ya baje ya yi gashi-gashi. Idan ya yi yawa, rubutu ya riƙa ƙyalli, alƙalami ya riƙa jan ƙafa, shafuka su manne da juna da zarar sun ji laima. Idan ƙarfen ya yi yawa, bayan shekaru tawadar ta ci takardar ta huda ta. Kuma sabuwar tawadar bagaruwa takan fito da ɗan haske a farko, sai ta sha iska take ƙara duhu. Abin da ya fi amfani ga labarinka shi ne, wannan tawada ba a haɗa ta yanzu a yi rubutu yanzu. Idan ta zube, an yi asarar kwanaki.

Alƙalami na gamba ne ko sillen kara mai ƙwari. Ana fiƙe shi da aska, a tsaga bakin kaɗan don ya riƙe tawada. Bakin yana cinyewa, don haka marubuci yakan fiƙe uku ko huɗu ya ajiye, na ja daban da na baƙi. Idan aka sake fiƙa a tsakiyar shafi, kaurin harafi yakan canza, kuma mai ido zai gane. Wannan ƙaramin abu ne da zai iya nuna gajiya: shafin da aka fara da siririn hannu aka ƙare da kakkaura, don malam ya ƙi tsayawa ya fiƙe.

Takarda ita ce mai tsada. Tsoffin littattafanmu da yawa an rubuta su a kan takardar da aka yi a arewacin Italiya, wadda fatake ke kawowa ta Tarabulus da Masar su ratso Sahara, kuma idan ka ɗaga ta ga rana za ka ga tambarin jinjirin wata uku a cikinta. Kwafin baƙon zai iya zama irin wannan, ya gaje shi daga malaminsa. Ta malam kuwa ta kanti ce, an sayo ranar kasuwa, ya ninke ya yanka daidai girman da yake so. Ka sa ta zo cif-cif, warƙa sittin da biyu misali, yadda ɓata ɗaya zai zama abin tunani.

Littafin ba a ɗinke yake ba. Warƙoƙi ne sake, a haɗa su cikin tadarishi a ɗaure, a sa a gafaka. Abin da ke riƙe jerinsu shi ne kalma ɗaya da ake rubutawa a ƙasan bayan kowace warƙa, wato kalmar da za ta buɗe warƙa ta gaba. Wannan ne kuma ya sa kwafi ɗaya zai ishi almajirai biyar: kowa a ba shi warƙar darasinsa, ya karanta, ya mayar. Ka nuna wannan a labarin, don in ba haka ba mai karatu zai yi zaton sai malam ya kwafa sau biyar.

Hannun rubutun ma ka san shi. Irin namu ne na Magaribi, Kanawi ko Barnawi, mai kauri, inda fa ke da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Ana fara rubuta babbaƙu, a bar gurbin kan babi da na fasali, sai shafi ya bushe a dawo da jar tawada a cike su, a yi wasali.

Sai haske da zama. Malam yana kan buzu, ya tanƙwashe ƙafa ɗaya ya ɗaga gwiwa ɗaya, takarda a kan wani abu mai tauri bisa gwiwar, uwar littafin a gefe inda tawada ba za ta kai ta ba. Fitilar aci-balbal ce da man gyaɗa da lagwanin auduga, tana hayaƙi, tana rawa da iska. Kananzir akwai a zamanin, amma na masu hali ne. Tunda mun zaɓi bayan kaka, lokacin ɗari ne: dare dogo, yatsu su ƙage, fatar hannu ta tsage, tawada ta riƙa bushewa a bakin alƙalami kafin a gama kalma. Da damina muka zaɓa, da matsalar ta zama laima da ƙwarin da ke faɗawa fitila da gajiyar noma. Zaɓi yanayi ɗaya ka tsaya a kansa.

Idan kana da hali, je ka ga irin waɗannan littattafai da idonka. Akwai su a Arewa House a Kaduna, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da gidan tarihi na Jos, da cibiyar binciken IRSH a Yamai. Mafi kusa kuma, tsohon malamin unguwarku wataƙila yana da gafakar mahaifinsa a rataye.

Kada ka ba da dare ashirin da ɗaya duka

Dare huɗu sun isa. Na farko, inda ake karɓar littafi da ƙirga. Na tara, inda abu ya ɓaci. Wani a tsakiyar sauri, inda kuskure ya shiga ba tare da kowa ya sani ba. Sai na ƙarshe. Sauran ka haye su da jimla ɗaya ko biyu, kana nuna tsayin warƙoƙin da aka gama yana ƙaruwa, man fitila yana raguwa.

Buɗe labarin da hannu yana aiki. Ga misali:

Malam ya kwance igiyar tadarishin, ya lashi yatsa ya fara ƙirga. Sittin. Ya sake ƙirgawa daga baya, sittin ɗin dai. Baƙon yana zaune a bakin zaure yana jan tasbaha.

"Juma'a ta uku muna kan hanya, in Allah ya yarda," in ji shi.

"Allah ya kai mu," Malam ya ce, idonsa na kan takardar.

Ba a ce malam ya damu ba, amma wanda ya ƙirga sau biyu an san abin da ke ransa.

Mutanen labarin kada su wuce huɗu: malam, baƙo, uwargida, da babban almajiri. Uwargida ba ado ba ce. Man da fitila ke sha daga tulunta yake fita, man da za ta yi miya ko ta sayar. Magana ɗaya tata za ta ɗauki nauyin wannan duka: "Malam, man nan fa ba zai kai kasuwa ta gaba ba." Shi kuma kada ya yi mata huɗuba a kan falalar ilimi. Ya ce, "To, a rage na miya," ko ya yi shiru ya rage lagwani. Kowanne ya zaɓa, ya nuna irin mutumin da yake, da alherinsa da nauyin da yake ɗora wa iyalinsa.

Daren da tawada ta zube

Zuwa dare na takwas malam ya gama shafi 48, komai na tafiya daidai, kuma kowace safiya bayan asuba yana zama da babban almajirinsa su yi muƙabala: ɗaya yana karanta uwar littafi da ƙarfi, ɗaya yana bin sabon kwafi da yatsa. A dare na tara iska ta turo asabari, ko ƙaramin yaro ya shigo da gudu, kurtu ya kife. Hannun malam ya fara kai wa littafin aro, ya ɗaga shi sama, ya bar tasa warƙar ta sha tawada. Wannan motsi ɗaya ya faɗi matsayin amana a wurinsa fiye da shafi guda na bayani.

Sakamakon shi ne abin da muke nema. Zuge na nan a makaranta, amma ba zai sa shi a takarda ba. Sai an je maƙera, an daka bagaruwa, an jira. Dare biyu sun tafi. Saura shafi 72 da dare goma, idan ana so a bar na ƙarshe. Shafi shida ba zai ƙara isa ba, sai bakwai da ɗoriya. Malam ya ƙara tsawon dare, barci ya ragu, kuma abin da ya fara yankewa don samun lokaci shi ne muƙabalar safe. Ya ce a bari sai an gama a yi gaba ɗaya. Ka sa wannan shawara ta fito fili a labarin, ko da a layi biyu ne, domin ita ce uwar abin da zai biyo baya. Mai karatu yana yarda da masifar da ta fito daga zaɓin mutum fiye da wadda ta faɗo daga sama.

Kuskuren da ke juya hukunci

Masu kwafa suna da kurakurai sanannu. Akwai maimaita layi, akwai mance ɗigo, akwai rubuta abin da ke ka maimakon abin da ke takarda. Mafi haɗari shi ne tsallaken ido: kalma ɗaya ta zo sau biyu kusa da juna, marubuci ya rubuta ta farko, ya duƙa ya tsoma alƙalami, da ya ɗago sai idonsa ya sauka a kan ta biyu, ya ci gaba daga nan. Duk abin da ke tsakani ya faɗi.

Babin rafkanuwa na Ahalari cike yake da irin wannan tarko, domin maganganunsa suna ta maimaituwa. A farkon babin ma akwai shi. Littafin ya ce idan an yi ragi a salla, sujada biyu ce kafin sallama, idan kuma ƙari aka yi, sujada biyu ce bayan sallama. Kalmar sajdatani, wato sujada biyu, ta zo a duka wuraren. Idan ido ya tsallaka daga ta farko zuwa ta biyu, abin da zai rage a takarda shi ne: ragi, sujada biyu bayan sallama. Larabcin bai karye ba, jimlar tana karantuwa sumul, amma ƙabli ya zama ba'adi. Almajirai biyar za su haddace shi haka, wasunsu su zama limamai a wasu ƙauyuka, wani kuma ya kwafa daga wannan kwafi.

Za ka iya cewa ai malam ya san hukuncin, ya za a yi ya rubuta akasinsa? Wanda ya daɗe yana kwafa cikin gajiya, hannunsa da idonsa ke aiki, hankalinsa ba ya bin ma'ana. Nuna haka a daren da abin ya faru, amma kada ka tona. Ka ce dai kansa ya yi nauyi, ya tsoma alƙalami, ya ɗago, ya sami wurinsa, ya ci gaba, ya ma ji daɗi da shafin ya ƙare da wuri. Mai karatu mai lura zai tuna da wannan daga baya.

Daren ƙarshe: wa zai gaya wa malam?

Nan ne zuciyar labarin, ka ba shi kusan kashi ɗaya cikin uku na tsawonsa. An zauna muƙabala, gobe da asuba littafi zai tafi gabas ba zai dawo ba. Malam yana karanta uwar littafi, almajiri yana bin kwafi. Shi almajirin ne zai ga layin da babu. Kuma almajiri ba ya cewa malaminsa ya yi kuskure, ba a taɓa yi ba. Wannan nauyin bakin shi ne abin da za ka rubuta:

Yatsan yaron ya tsaya. Malam ya ci gaba har layi biyu kafin ya lura ba a bin sa.

"Kai, barci kake?"

"A'a, Allah gafarta Malam. Wurin ne ya ɓace mini. Ko Malam zai maimaita daga farkon babi?"

Malam ya maimaita. Yatsan ya sake tsayawa a wuri ɗaya.

"Allah gafarta Malam, ina jin idona ne. Fitilar ta yi ƙasa." Ya miƙa warƙar da hannu biyu, kansa a sunkuye.

Yaron ya ɗora laifin a kan idonsa da fitila don ya bar wa malam mutuncinsa, kuma malam ya san abin da yaron ya yi. Kada ka fassara wannan, bar shi haka.

Gyaran kuma ka yi shi yadda ake yi. Ba a yaga warƙa, balle ga takarda ta kusa ƙarewa. Ana sa 'yar alama a daidai inda maganar ta faɗi, a rubuta abin da ya ɓace a gefen shafi, a rufe da kalmar sahha, ma'ana an inganta. Saboda haka kuskuren zai zauna a bayyane muddin littafin na nan, kowane almajiri zai gan shi. A nan malam yana da zaɓi na gaske. Zai iya amfani da warƙa ɗaya da ta rage ya sake shafin duka don kada a ga tabo, amma hakan zai cinye lokacin da za a duba sauran babin, inda irin wannan tarko ya fi yawa. Ko ya gyara a gefe, ya ci gaba da muƙabala har asuba. Ni na biyun zan ba shi. Har ma zan sa ya miƙa wa yaron alƙalami ya ce, "Kai ka gani, kai za ka rubuta." Hannu biyu a shafi ɗaya abu ne da ake samu a tsoffin littattafai, kuma ya nuna an fara miƙa aikin ga na baya ba tare da an furta ba.

Rufewa da tacewa

Masu kwafa suna da yadda suke rufe littafi: a rubuta tammat, a gode wa Allah, a yi salati, wani lokaci marubuci ya sa sunansa da na wanda aka yi wa, ya roƙa wa kansa da iyayensa gafara. Wannan zai iya zama ƙarshen labarinka, ko mayar da littafin ga baƙo yana ƙirga warƙoƙinsa sittin a gaban kowa, ko darasin farko da safe ana raba warƙoƙi. Wanda duk ka ɗauka, tsaya a nan. Kada ka tsallaka shekara arba'in ka nuna almajirin ya zama babban alƙali yana hawaye a kan gafaka, kuma kada malam ya makance ko ya rasu da gama aikin don a tausaya masa.

Da ka gama rubutun farko, bi shi da alƙalami ka cire duk inda ka ce malam mai haƙuri ne, mai sadaukarwa, mai son ilimi. Idan bayan cirewar ba a gane hakan daga abin da ya aikata ba, wurin ne ke buƙatar aiki. Sannan ka duba lissafi: shafukan da ka ce an gama a kowane dare sun haɗu sun ba da 120? Daren da tawada ta zube ya yi daidai da yawan warƙoƙin da ke gefe? Duba kuma abubuwan da ba na ƙauyen wancan zamanin ba, irin agogon hannu, biro, tocila, ko ƙirga lokaci da ƙarfe kaza. Malamin ƙauye na 1930 da lisha da tsakar dare da carar zakara da asuba yake auna darensa.

Larabci kada ya yi yawa. Kalma uku ko huɗu sun wadatar, kowacce a wurin da aiki ya kira ta, kuma ma'anarta ta fito daga abin da ke faruwa. Daga ƙarshe ka kai labarin wurin wanda ya yi karatun zaure, ka karanta masa da baki. Tambaye shi abu uku: ko haɗin tawadar haka yake a garinsu, domin yakan bambanta daga wuri zuwa wuri, ko hukuncin ƙabli da ba'adi ya fito daidai yadda ka rubuta, da ko almajiri zai iya yi wa malaminsa magana da kalmomin da ka sa a bakinsa. Inda ya gyara zama ko ya ce "a'a, ba haka ake cewa ba", sa alama a wurin ka koma kansa kafin ka fitar da labarin.